Yadda Ake Karanta Jadawalin Famfon Ruwa a Gano Inda Zai Yi Aiki

A Azare, hedkwatar masarautar Katagum a jihar Bauchi, gidaje da gonaki da dama sun dogara da rijiyar burtsatse. Sau da yawa akan sayi famfo bisa ƙarfin doki kawai, daga bisani a tarar tanki ba ya cika. Amsar wannan matsala tana cikin jadawalin da kamfani ke bayarwa tare da famfon.

Layin kwance na jadawalin yana nuna yawan ruwan da famfo ke fitarwa, Q, a ma'aunin kubik mita cikin awa, kowane kubik kuwa lita 1,000 ne. Layin tsaye yana nuna tsayin da zai iya tura ruwan, H, a mita. Zanen famfo gangarowa yake yi: gwargwadon yawan ruwa, gwargwadon raguwar tsayi.

Zane na biyu mai rijiya ne zai fitar da shi, domin ya danganta da rijiyarsa da bututunsa. Ana fara shi da tazarar da ke tsakanin saman ruwan rijiya lokacin da famfo ke ja da bakin bututu a kan tanki. Sai a ƙara asarar da gogayyar ruwa da bututu ke jawowa, wadda ke ninkuwa kusan sau huɗu idan ruwan ya ninka sau biyu.

A ɗauka ruwan rijiya yana mita 30 a ƙasa, tanki kuma mita 10 a sama, jimilla mita 40. Idan gogayya na cin mita 2 a kubik 2 cikin awa, lissafin shi ne H = 40 + 0.5Q². Ke nan bututun na buƙatar mita 42 a kubik 2, mita 48 a kubik 4, da mita 58 a kubik 6. Idan jadawalin famfon ya nuna mita 60, 48 da 30 a waɗannan matakai, zanukan biyu sun haɗu a kubik 4 da mita 48. A nan famfon zai yi aiki, kuma zai cika tankin lita 10,000 cikin awa biyu da rabi.

Wannan mahaɗa ba ta zama wuri guda. Da bazara, idan ruwan rijiya ya ƙara sauka da mita 6, zanen bututu zai ɗaga sama, ruwan ya ragu zuwa kimanin kubik 3.4. Siririn bututu ko bawul da aka rufe rabi su ma suna rage shi.

Don haka a zaɓi famfon da mahaɗarsa ta faɗo kusa da inda jadawalin ya nuna ya fi inganci. Idan ta matsa can hagu, ruwa kaɗan ke ratsa motar famfon, sai ta yi zafi. Idan ta matsa can dama, famfon na iya zuƙe rijiyar ya soma jan iska. Gwajin mai sauƙi ne: a kubik 4, durom mai lita 200 ya kamata ya cika cikin minti 3 a bakin tanki.