Agajin Farko ga Wanda Bala'i Ya Girgiza

Wannan agaji shi ne kwantar da hankalin wanda ya kaɗu bayan haɗari ko bala'i, kuma ba sai likita ba. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011 ta gina shi kan lura, saurare da sada mutum da taimako.

A ce ɗan kasuwa ne gobara ta cinye shagonsa. A janye shi daga cincirindo, a ba shi ruwa, a tambaye shi: “Alhaji, wa za a kira maka?” Kada a matsa masa ya ba da labari, ko a ce “wane ya fi ka asara”; lallashi ake nufi, amma rufe masa baki ne. Idan ya kasa gane inda yake, ko ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti.