Sito mai bondi da yankin ciniki mara shinge: yadda ake jinkirta kuɗin fito

Na tashi ne a kara ta Agege, inda mahaifina yake sayar da shanu. A can, in mahauci ya ɗauki sa bashi, sai maigida ya tsaya masa lamuni: in bai biya ba, wanda ya tsaya shi ne a ciki. Da na fara bin kawuna zuwa Apapa fitar da kaya, sai na ga ashe sito mai bondi ma a kan irin wannan lamunin yake tafiya.

Sito mai bondi ɗakin ajiya ne mai lasisin Hukumar Kwastam. Ana sauke kayan waje a ciki ba tare da an biya kuɗin fito ba, wato diyuti. Maimakon kuɗi, ana ajiye bondi, takardar da banki ko kamfanin inshora ya yi alkawarin biyan gwamnati in kayan suka salwanta. Kwastam suna da lissafin kowane katan, kuma ba abin da zai fita sai da takardarsu.

Ga misali. Ka shigo da katan 500, kuɗin kaya da inshora da na jirgi sun kama naira miliyan 50, kuma kayan suna rukunin kashi 20 cikin ɗari. Diyuti miliyan 10 ke nan. Akwai ƙarin kashi 7 a kan diyutin kansa, dubu 700. Sai harajin kashi 7.5 a kan jimillar duka, wajen miliyan 4 da rabi. Ban da ƙananan caji, kana neman miliyan 15 da ɗoriya kafin ka sayar da ko katan ɗaya.

To in ka kai su sito mai bondi, wannan kuɗin yana aljihunka. Ka samu mai saye a Legas na katan 200, sai ka biya kason waɗannan kaɗai, wajen miliyan 6. Sauran 300 in Maraɗi ko Njamena za su, ba ka biyan Najeriya diyutinsu, don ba a nan za a yi amfani da su ba. Ƙasar da suka shiga ita za ta karɓi nata.

Yankin ciniki mara shinge ya ɗan bambanta. Fili ne a cikin ƙasa, amma a lissafin kwastam tamkar waje yake. Hukumar NEPZA, wadda aka kafa a 1992, ita ke kula da irinsu na Kalaba da Lekki da Kano da Maigatari. A sito ajiya kawai ake yi, sai ɗan sauya mazubi da izini. A yankin kuwa ana iya kafa masana'anta a sarrafa kayan. Amma duk abin da ya fito ƙofa zuwa kasuwar Najeriya, ana ɗaukarsa kamar yau ya iso daga waje, dole a biya.

Inda mutanenmu suke faɗawa rami shi ne wajen sauke bondi. Fitar mota daga sito ba ita ce ƙarshe ba. Sai kwastam na kan iyaka sun tabbatar kayan sun fita, hatimin kwantena bai karye ba, adadi ya yi daidai, sannan shaidar ta dawo a soke bondin. Kawuna ya taɓa sakin wannan a hannun wani ejan. Kaya sun isa lafiya, amma shaidar fita ba ta dawo ba. A takarda, kayan suna Najeriya. Aka nemi cikakken diyuti daga banki, banki kuma ya juyo kansa. Sai da ya yi watanni yana zarya kafin ya kuɓuta.

Abu na biyu, jira ba kyauta ba ne. Kuɗin sito yana hawa, banki yana cajin bondi, kuma ajiyar tana da wa'adi, in ya wuce ana iya yin gwanjon kayan. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, duk mai kayan da ke jiran wannan hanyar haya ya yi ta biya. Saboda haka kafin ka shiga, kwatanta kuɗin ajiyar watannin da ribar da kuɗin diyutin zai kawo maka in kana juya shi. In kayan na nan ne kuma cikin mako biyu za su ƙare, biya kawai ka huta.

Kuma ko waye ejan ɗinka, kar ka sallame shi sai ka riƙe takardar soke bondi a hannunka.