Tabarau, Gemu da Hannu a Musanyar Fuska: Nazarin Shinge da Kuskuren Sake Gini

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda manhajojin musanya fuska ke yi da abin da ya tare fuska idan hotuna biyun sun saɓa. Hujjarta ita ce hannu da tabarau da gemu ba matsala ɗaya ba ce, ko da yake akan haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma maganin da ya ci ɗaya ba lallai ya ci sauran ba.

Gabatarwa

A nan "tushe" shi ne hoton wanda ake ɗaukar kamanninsa, "mazauni" kuwa hoton da za a ɗora kamannin a kai. Daga mazauni ake ɗaukar haske da juyin kai da motsin baki. Bayan manhaja ta ƙera sabuwar fuska S, sai a haɗa ta da mazauni T ta hanyar shinge M, wato taswirar da ke ba kowane ɗigo daraja tsakanin 0 da 1:

```
Y = M*S + (1 - M)*T
```

Inda M ya zama 0, ainihin hoton mazauni ne ke fitowa. Tambayar duka ita ce ina ya kamata a sa wannan sifirin.

Nazari

Mu ɗauki tushe mai cikakken gemu, marar tabarau, da mazauni mai tabarau wanda ya aske haɓa, yana kuma kai hannu baki yayin magana.

Hukuncin hannu a fili yake: na mazauni ne, kuma yana gaban fuska, don haka M zai zama 0 a kansa. Wahalar tana wajen gano shi. Yawancin masu rarraba sassan fuska an horar da su da CelebAMask-HQ, mai hotuna 30,000 da rukunoni 19. Akwai rukunin tabarau da na hula, amma babu na hannu, babu na gemu. Tunda launin yatsu ɗaya ne da na kumatu, sai a lissafa su cikin fata, leɓe ya fito a kan yatsa. Shi ya sa masu aiki da DeepFaceLab ke zana iyakar da hannunsu a wasu hotuna, su horar da XSeg a kai.

FaceShifter, wanda ya fito a 2019, ya bi wata dabara. Akan ba sashensa na farko, AEINet, hoton mazauni Xt a matsayin tushe da mazauni duka, a ɗebe abin da ya fito daga ainihin hoton:

```
ΔY = Xt - AEINet(Xt, Xt)
```

Abin da manhajar ta kasa sake ginawa shi ne galibi abin da ya tare fuskar. Sashe na biyu, HEAR-Net, yana karɓar wannan kuskure ya mayar da abin da ya ɓace, ba tare da an yi wa hotunan alama ba.

Tabarau sun fi wuya, domin abu biyu ne. Ƙarfensu ya toshe fuska kamar hannu, gilashin kuwa ana ganin ido ta cikinsa. In aka sa 0 a duk rukunin tabarau, idanun mazauni za su zauna, alhali ido da gira na cikin manyan alamun kamanni. In aka sa 1, ƙarfen ya narke, sai guntunsa a gefen kunne. Abin da ya dace shi ne 0 a ƙarfe, da daraja ta tsakiya a gilashi don ƙyallin haske ya tsira. Ko hakan bai warware komai ba: gilashin mai matsalar hangen nesa yana ƙanƙanta ido, ya kuma shigo da layin kunci ciki, sabuwar fuskar kuwa ba ta san da wannan lanƙwasa ba.

Gemu kuwa, a ganina kuskure ne a kira shi abin tarewa. ArcFace, wanda ke matse kamanni cikin lambobi 512, ba ya raba gemu da fuska tsaf, don haka gemun tushe yakan biyo kamannin. Amma shingen ya tsaya a layin muƙamuƙin mazauni. Sai gemu ya fito a haɓa ya yanke kamar da reza, ko ya zama baƙin dabbare kawai. Haɗin Poisson ba ya gyara wannan, launi yake daidaitawa a bakin iyaka, ba ya ƙirƙiro gashi. Dole a faɗaɗa shingen zuwa wuya, a ƙera gashin da inuwarsa.

Idan aka juya lamarin, mazauni ne mai gemu, dabarar FaceShifter ma ba ta da tabbas: hoto ɗaya ne tushe da mazauni a gwajin, don haka gemun kan ginu daidai, kuskuren ya yi ƙasa a wurin. A bidiyo aibin yakan bayyana lokacin da kai ya juya, inda gashin da ya wuce shinge ke tafiya da kan mazauni, haɓar da aka ɗora kuma tana ɗan rawa a tsakiyarsa.