Sarkin Gobir Biyu, Harshe Ɗaya: Abin da Waƙar Fada Ke Faɗa a Isa da Sabon Birni

A gabashin Jihar Sakkwato akwai garuruwa biyu maƙwabta, Isa da Sabon Birni, kuma sarkin kowannensu Sarkin Gobir ake kiransa. Sai dai ba daga tushe ɗaya sarautun suka fito ba. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Alkalawa a 1808, aka kashe Sarki Yunfa, gidan sarautar Gobir ya watse. Da aka sake karya su a Gawakuke a 1836, sai suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma wani reshe ƙarƙashin Ɗan Halima ya dawo yamma ya kafa Sabon Birni. Ita kuwa Isa ribaɗi ce ta Daular Sakkwato, kuma masu sarautarta zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Wato gida ɗaya na waɗanda aka ci ne, ɗayan na waɗanda suka ci.

Duk da haka, idan makaɗi ya tsaya a ƙofar kowace fada daga cikin biyun, da karin harshe ɗaya yake rera waƙarsa: Hausar yamma, wadda ta haɗa Gobiranci da Sakkwatanci da Zamfarci. A nan ne darasin yake. A waƙar fada ta wannan yanki, karin harshe yana nuna ƙasar da mutum yake, sunaye da kalmomin aro kuwa su ke nuna gidan da ya fito.

Babban misali shi ne Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa har zuwa rasuwarsa a wajen 1960. Ubangidansa jinin Toronkawa ne, zuriyar da ta bar tarin littattafan Larabci da waƙoƙin Fulatanci. Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u sun yi waƙa da Fulatanci don danginsu, aka mayar da wasu zuwa Hausa don sauran jama'a. Amma zuwa ƙarni na ashirin, Hausa ta zama harshen fadar kanta. Saboda haka "Bakandamiya" da sauran waƙoƙin Narambaɗa da Hausar manoma da mahayan yankin aka yi su. Jikan wanda ya ci Gobir da yaƙi, da harshen ƙasar da aka ci ake yabonsa.

Alamomin wannan Hausa ba su da wuyar ganewa. Inda Bakano zai ce "tafi" da "fara", mutumin Isa "tahi" da "hwara" zai ce. Inda ake cewa "sarki ne" da "riga ce", shi "sarki na" da "riga ta" yake cewa. Mafi tasiri ga waƙa kuwa shi ne wakilin suna na ba da labari: "muka", "suka" da "aka" suna zama "munka", "sunka" da "anka", sannan "ya" da ke gaban aikatau yana jawo baƙin farko na aikatau ɗin ya ninka shi, a ce "yaz zo", "yat tahi".

Wannan bambanci ya wuce na lafazi kawai, domin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya. Gaɓa mai gajeren wasali sassauƙa ce, mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe kuwa nannauya ce, kuma tana cin lokacin sassauƙa biyu. A ɗauki jimla ta yau da kullum, wadda ba daga wata waƙa aka ciro ta ba: "Da munka zo yab ba mu doki." Gaɓoɓinta tara ne. Uku sassauƙa ne, wato da, ka, mu, sauran shidan nannauya ne, jimillar awo goma sha biyar. A mayar da ita daidaitacciyar Hausa: "Da muka zo ya ba mu doki." Gaɓoɓin na nan tara, ma'ana ba ta canja ba, amma "mun" ta koma "mu", "yab" ta koma gajeren "ya", awo ya ragu zuwa goma sha uku. Bugu biyu sun ɓace, layin ba zai ƙara hawa kan kiɗan da aka gina shi a kai ba.

Irin wannan ɓarna tana aukuwa ne a lokacin da ake juyar da waƙa daga faifai zuwa takarda. Rubutun boko da ya kafu ta hanyar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya dogara ne a kan Hausar Kano. Ɗalibin da ya tashi da shi yakan ji "anka", hannunsa ya rubuta "aka", yana ganin gyara ya yi. Hanyar gane hakan mai sauƙi ce: a karanta rubutun a bayyane tare da sautin waƙar. Duk inda murya ta daɗe a kan gaɓar da takarda ta nuna gajera ce, to mai rubutu ya taɓa wurin. Akwai kuma hasara ta biyu. A rubutun boko "ya zo" na sanarwa da "ya zo" na cikin labari kamanninsu ɗaya, alhali "yaz zo" ya bambanta su sarai.

To idan karin harshe bai raba gidajen biyu ba, me ya raba su? Sunayen da makaɗi ke jerowa. A Sabon Birni, silsilar yabo tana komawa ga Bawa Jan Gwarzo da Alkalawa da Tsibiri, da kirarin jaruntaka. A Isa tana komawa ga Bello da Shehu, wato ga gadon malanta da addini, inda Larabci ke da mazauni. A nan ma sai an yi hattara, domin ba kowace kalma mai asalin Larabci ce ke nuna sauya harshe ba. "Alƙali" ta zama Hausa tun da daɗewa, shi ya sa take da jam'i irin na Hausa, alƙalai. Sauyawa ta gaskiya ita ce inda mawaƙi ya ɗauko addu'a ko jimla cikakkiya da nahawunta na Larabci. Wannan kam zaɓi ne, kuma yana nufin ɗora wanda ake yabo a sahun malamai.

Turawa sun ƙara wani rabo a kan na dā. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 sun bar Tsibiri a ɓangaren Faransa, Sabon Birni da Isa a ɓangaren Ingila. Nahawun bai motsa ba, "munka" tana nan a ɓangarorin biyu, amma kalmomin aro sun rabu. Mawaƙin arewa da iyaka zai ambaci lakwal da mushe, na kudu ya ambaci joji da Di'o. Da irin waɗannan kalmomi ana iya gane ɓangaren da waƙa ta fito, da kuma cewa bayan zuwan Turawa aka yi ta.

Iyakar wannan awo ita ce, karin harshe ba ya tabbatar da ƙabila. Bagobiri mai tsage da Bafillacen Isa da Bazamfaren Shinkafi duk "yat tahi" suke cewa. Mai neman sanin gidan da waƙa ke yabo sai ya bi sunayen kakanni da ke cikinta, mai neman sanin ƙasarta kuma ya saurari wakilan sunanta, muddin mai rubutu ya bar su yadda makaɗi ya furta.