Takardar bayani ga mai shiga gwajin magani

Takardar bayani ita ce rubutun da ake bai wa mutum kafin ya amince ya shiga gwajin sabon magani. Tana fayyace abin da za a yi masa, da illolin da aka sani, da amfanin da ake fata. Dole ta faɗa masa cewa wannan bincike ne, kuma mai yiwuwa kuri'a ce za ta raba wanda zai sha sabon magani da wanda zai sha tsohon.

Sashen janyewa ya fi buƙatar kulawa. Mutum na iya cewa ya fasa a kowane lokaci, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma ba za a rage masa kulawar asibiti ba. Sai dai yawanci ba a goge bayanan da aka riga aka tattara, don haka ya kamata a faɗa masa tun farko.

Idan ba ya iya karatu, a karanta masa da harshensa a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, ya dangwala yatsa, shaidan ya sa hannu, a ba shi kwafi. Iyaye ke amincewa a madadin ƙananan yara.

Abin da ya faru a Kano ya nuna muhimmancin wannan takarda: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200. Iyaye sun kai ƙara cewa ba a sanar da su gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.