Daga Zangon Fatake zuwa Shingen Magama: Yadda Hanya Ta Zama Ƙashin Bayan Waƙar Wa'azi

Wanda ya taɓa tasowa daga Katsina zai tafi Maraɗi ya san inda mota ke rage gudu. A Magamar Jibiya ne. Nan direba zai kashe inji, fasinja su fara laluben aljihu, a duba kaya, a duba takardu, sannan a ɗaga shinge a nufi Ɗan Isa. Duk lokacin da na tsaya a wurin nan, waƙoƙin wa'azin da muka tashi muna ji a bakin almajirai da makafi su ke faɗo mini a rai, domin kusan dukkansu a kan tafiya aka gina su: ga guzuri, ga zango, ga wurin da za a tsayar da mutum a tambaye shi. Masana adabi suna kiran wannan salo doguwar siffantawa, sunan da ya bazu ta hanyar rubuce-rubucen Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya yi digirinsa na uku a kan waƙoƙin wa'azi na Hausa a Landan a 1980. Ma'anarta ita ce mawaƙi ya ɗauki hoto guda, ya riƙe shi tun daga basmala har zuwa tammat, bai sake shi ba.

Tushen hoton ba a ƙasar Hausa yake ba. Kowane Musulmi yana roƙon shiriya zuwa miƙaƙƙiyar hanya a kowace raka'a. Suratul Baƙara, a cikin ayoyin aikin hajji, ta kira taƙawa mafi alherin guzuri, Suratul Balad kuma ta kawo hoton hawa mai wuya da ake son bawa ya kutsa. Yaron da ya karanta Arba'una ya haɗu da hadisi na 40, inda aka umarci Ibn Umar ya zauna duniya zaman baƙo ko mai wucewa. Amma waɗannan duk gajerun hotuna ne, walƙiya ɗaya su wuce. Haka ma Burda ta Busiri, wadda ake rerawa a zaurukanmu: a 'yan baitoci kaɗan za ta kamanta zuciya da jinjiri mai shan nono, ta koma ta kamanta ta da doki mai gardama, ta sake mai da ita dabbar kiwo. Kowane hoto yana da kyau, amma ba wanda aka ɗora wa nauyin waƙar gaba ɗaya.

Wanda ya nuna yadda za a shimfiɗa hanya ta ɗauki littafi sukutum shi ne Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. A cikin Minhajul Abidina ya mai da ibada tafiya mai hawa bakwai, ya fara da hawan ilimi, ya bi da na tuba, ya ƙare da na godiya. Ba a tsallake ɗaya a je ga na gaba. Malaman jihadi sun sha daga wannan rijiya sosai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Ɗariƙul Janna a kan wannan turba, ƙanensa Abdullahi kuma ya sa wa wani littafinsa na zuhudu suna Maɗiyyatuz Zadi, wato abin hawan da ke ɗauke da guzuri zuwa makoma. Da aka zo isar da saƙon ga talakan da bai san Larabci ba, sai aka koma ga waƙa da Fulatanci da Hausa a rubutun ajami. A 1842 Nana Asma'u ta yi Godaben Gaskiya da Hausa, inda ta tattaro wajiban addini da bayanin sakamakon lahira, ta sa su duka ƙarƙashin kalma guda. Zaɓen kalmar ma darasi ne. Godabe ba 'yar siririyar turbar gona ba ce, babbar hanya ce da sawu ya daddaɓe, wadda ba mai cewa bai gan ta ba. Jajis ɗin da ke jagorantar 'yan tarun Asma'u su kansu a ƙafa suke zuwa daga ƙauyuka su koyi irin waɗannan waƙoƙi su koma da su.

To me ya sa hanya ta fi fitila karɓuwa? Ai fitila ma tana da asali mai ƙarfi. Ga ayar haske a Suratun Nur, ga Sirajul Ikhwani na Shehu, ga jerin littattafan Abdullahi masu farawa da Liya'u. A ganina dalilin na sana'ar waƙa ne. Fitila gaɓoɓinta kaɗan ne: mai, lagwani, kwalba, iska mai kashe ta, duhun da take kora. Mawaƙi ya ba kowanne ma'ana, a baiti goma ya ƙare, sai maimaici. Hanya kuwa tana da gaba da baya. Tana ba waƙa jeri, kuma jerin nan ya yi daidai da abin da malaman tauhidi suka riga suka karantar game da lahira: mutuwa, kabari da tambayarsa, tashi, tsayuwa, karɓar takardu, ma'auni, siraɗi, sannan masauki na ƙarshe. Mawaƙi ba ya buƙatar ƙirƙiro tsari, kuma almajirin da ya hardace waƙar ba ya ɓata, don kowane zango yana kiran na gabansa.

Dalili na biyu shi ne masu sauraro. Mutanen Katsina da Kano na wancan zamani fatake ne da ke zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni. Sun san madugu, wanda ke shugabantar ayari kuma yake magana da sarakunan hanya a madadin kowa. Sun san jagaba da ke gaba yana duba turba, sun san kuɗin fito a bakin kogi, sun san abin da ke samun wanda ya ware daga ayari a dokar daji. Idan mawaƙi ya ce duniya zango ce, ba sai ya yi sharhi ba. Bafatake ya san ba a gina soro a zango, kuma wanda ya yi nauyin barci da asuba zai farka ya tarar da toka mai sanyi da kashin jakuna.

Ita wannan hanya ta Jibiya ta daɗe tana ganin masu wucewa. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunanta suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi wajen 1819. Daga baya Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, aka bi daji ana kafa alamun iyaka, dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasa biyu. Da haka wani sabon abu ya shigo rayuwar matafiyi: wuri tsayayye da ba a wuce shi sai da takarda. Ya zo kuwa ya tarar da gurbinsa a shirye, domin tambayar kabari da miƙa wa kowa littafin aikinsa sun riga shi zama a cikin waƙa. Mutanen Jibiya sun kuma ɗanɗani wani ɓangaren hoton da ba kowa ya sani ba, wato rufe ƙofa. An rufe boda a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa Maris na 2024. Wanda ya ga motoci jere da kaya suna lalacewa a rana ba ya buƙatar dogon bayani a kan ranar da za a rufe ƙofar tuba.

Sai dai sabon hoton yana da tarko, kuma na gan shi da idona. Wani ɗalibi ɗan yankin ya taɓa kawo mini waƙarsa, baiti 40 'yar ƙwar biyu, ya gina ta a kan tafiya daga tashar Katsina zuwa ƙetare. Farkonta ya yi daɗi ƙwarai. Tasha ita ce duniya, kuɗin mota su ne salloli biyar, kayan da ya wuce kima a bayan mota shi ne haƙƙin mutane. Ya mai da shingen farko kabari, masu tsaronsa biyu suna tambaya uku: wane ne Ubangijinka, mene ne addininka, wane ne Annabinka. Har nan komai na tafiya daidai, domin kowane abu na hanya yana da abokinsa guda ɗaya tak a lahira, kuma bai sauya musu ma'ana ba.

Matsala ta fara a wajen baiti na 20. Da ya zo maganar siraɗi sai ga fasinjansa cikin kwalekwale, igiyar ruwa tana dukansu, alhali ba a gaya mana inda suka bar motar ba. Wannan shi ne aibi mafi yawa, kuma gane shi ba wuya: ka tsaya a kowane baiti ka tambayi kanka, matafiyin nan yanzu yana ina, me yake riƙe da shi? In ba ka da amsa, zaren ya tsinke. Gyaran mai sauƙi ne, tunda siraɗi gada ce, kuma gada a kan hanya take. Na ce masa ya sauke su daga mota kowa ya taka da ƙafarsa, saurinsa gwargwadon nauyin abin da ya ɗauko.

Aibi na biyu ya fi haɗari, don ya taɓa aƙida. Ya kamanta ceton Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da direban da ya san masu shinge, ya sauka ya yi musu magana a gefe aka ɗaga. Duk ɗan boda da ya ji wannan, abin da zai zo masa a rai shi ne an miƙa na goro. Hoto ba ya zuwa shi kaɗai, yana jawo duk abin da mutane suka sani game da shi, kuma mutanen iyaka sun san ɓarauniyar hanya, sun san 'yan fasa-ƙwauri, sun san mai wucewa da katin wani. A nan ne tsohon hoton madugu ya fi dacewa, domin shi a fili yake tsayawa gaban sarki ya nemi izini saboda ayarinsa, kuma izinin na sarki ne, ya ga dama ya bayar. In kuwa mawaƙi ya nace sai ya riƙe shingen zamani, to wajibi ne ya juya shi ya faɗi inda kamar ta ƙare: can babu hanyar bayan gari, ba ɗan acaɓan da zai zagaya da kai, ba a karɓar naira ko sefa, takardar kowa kuma da sunansa. Magabata sun san wannan dabara ta siffanta lahira da kore abin da aka saba a duniya, kuma sau da yawa baitocin korewar su ne suka fi sa jikin mai sauraro yin sanyi.

Ɗalibin ya tafi da waƙarsa, ya dawo bayan mako biyu ta koma baiti 33. Ya zubar da kwalekwalen, ya zubar da wata fitila da ta leƙo a tsakiya ba gaira ba dalili, ya bar direba a matsayin malamin da ke kai mutum bakin iyaka ya juya. Matasanmu masu rubuta waƙar wa'azi da bege a Katsina da Maraɗi, kafin ku kai waƙa situdiyo, ku karanta ta ga wanda ya saba bin hanyar Magama, ku tambaye shi ko akwai inda ya ɓace muku a tafiyar.