Tarihin Hanyar Jadawali a Intigireshan Kashi-Kashi

Intigireshan kashi-kashi dabara ce a kalkulas da ake amfani da ita idan abin da za a yi wa intigireshan ninki ne na abubuwa biyu. Ana rubuta ƙa'idarta haka: ∫ u dv = uv − ∫ v du. Amfaninta shi ne musanya intigireshan mai wuya da wani mai sauƙi. Wani lokaci sau ɗaya ba ya isa, sai an maimaita, musamman idan folinomiyal kamar x³ aka ninka da esfonenshiyal kamar e^(2x). Hanyar jadawali tsari ne na yin wannan maimaici a cikin layuka kaɗan, ba tare da sake rubuta ƙa'idar a kowane zagaye ba.

Tushen dabarar shi ne ƙa'idar difarenshiyeshan ta ninki, d(uv) = u dv + v du, wadda Gottfried Wilhelm Leibniz ya buga a 1684 a mujallar Acta Eruditorum ta birnin Leipzig. Idan aka yi wa ɓangarorin biyu intigireshan, aka sauya wa kalma ɗaya gefe, ƙa'idar kashi-kashi ce ke fitowa. Yawanci ana jingina dabarar ga Baturen Ingila Brook Taylor, saboda littafinsa Methodus Incrementorum Directa et Inversa na 1715.

Amma abin da maimaicin ke haifarwa ya riga littafin Taylor fitowa. A 1694 Johann Bernoulli, ɗan birnin Basel, ya buga wani jeri a Acta Eruditorum wanda a rubutun yau yake cewa ∫ y dx = xy − (x²/2)y′ + (x³/6)y″ − … Duk wanda ya san hanyar jadawali zai gane wannan jeri nan take: a gefe ɗaya ana ta yi wa y difarenshiyeshan, a ɗaya gefen ana ta yi wa 1 intigireshan yana zama x, x²/2, x³/6, alamu kuma suna karɓa-karɓa tsakanin tarawa da debewa. Da littafin Taylor ya fito da sakamako mai kama da wannan, Bernoulli ya zarge shi da ɗaukar aikinsa, rigimar kuma ta faɗa cikin babbar gardamar da ake yi a lokacin tsakanin magoya bayan Newton da na Leibniz.

Jerin Bernoulli ba ya ƙarewa ga yawancin y. Folinomiyal kuwa ƙarewa yake yi, kuma nan ne sirrin dabarar yake. Kowane difarenshiyeshan yana rage darajarsa da ɗaya, saboda haka folinomiyal mai daraja n yana komawa sifili bayan zagaye n + 1. Shi kuma e^(ax) ba ya sauya kama idan aka yi masa intigireshan, raba shi da a kawai ake yi. Ɗaya yana raguwa har ya ƙare, ɗayan kuma bai ƙara wuya ba.

A ɗauki ∫ x³ e^(2x) dx. Ana jan shafi biyu. Na hagu yana ɗauke da x³, ana yi masa difarenshiyeshan har ya kai sifili. Na dama yana ɗauke da e^(2x), ana yi masa intigireshan sau huɗu. Ana sa alamu a gefe, a fara da tarawa.

```
+   x³     e^(2x)
−   3x²    e^(2x)/2
+   6x     e^(2x)/4
−   6      e^(2x)/8
+   0      e^(2x)/16
```

Sai a ninka a karkace: kowane abu na hagu da na dama wanda ke layin da ke ƙasa da shi, tare da alamar layin na hagun. Wato x³ yana tafiya da e^(2x)/2, sannan −3x² da e^(2x)/4, sai 6x da e^(2x)/8, sai −6 da e^(2x)/16. Amsar ita ce e^(2x)(x³/2 − 3x²/4 + 3x/4 − 3/8) + C. Layin ƙarshe shi kaɗai ake ninkawa a miƙe, domin shi ne ragowar intigireshan da ba a yi ba, kuma tunda sifili ne a hagu, babu abin da ya saura. Wannan layi ya cancanci a kula da shi, don shi ne hujjar cewa aikin ya kammalu. Ga kowane folinomiyal P, muddin a ba sifili ba ne, sakamakon shi ne e^(ax)(P/a − P′/a² + P″/a³ − …) + C.

Tabbatar da amsa ba ya cin minti ɗaya. Idan aka kira folinomiyal ɗin da ke cikin baka Q, difarenshiyeshan na amsar zai ba da e^(2x)(2Q + Q′). A nan 2Q shi ne x³ − 3x²/2 + 3x/2 − 3/4, Q′ kuma 3x²/2 − 3x/2 + 3/4. Aka haɗa su, komai ya soke sai x³. Idan aka ga wata kalma ta ninka biyu maimakon ta soke, to an juya alama. Kuskuren da ya fi yawa ke nan, kuma ya fi faruwa idan a tana ƙasa da sifili, domin shafin dama ma yana sauya alamarsa a kowane layi. A ∫ x² e^(−x) dx sauyin biyu suna cin karo, duk kalmomin su fito da alama ɗaya: −e^(−x)(x² + 2x + 2) + C. Ɗalibin da ya haddace cewa alamu dole su yi karɓa-karɓa a amsa yakan "gyara" wannan daidai ya mai da shi kuskure.

Wannan misali na e^(−x) yana da nasa tarihin. Idan aka yi intigireshan na xⁿ e^(−x) daga 0 zuwa mara iyaka, duk kalmomin da ke ɗauke da x suna ɓacewa a iyakokin biyu, sai ta ƙarshe ta rage, wato n!. Ga x² amsar 2 ce, ga x³ kuma 6. Leonhard Euler ya kai ga irin wannan sakamako a 1729 da 1730, lokacin da yake musayar wasiƙu da Christian Goldbach kan yadda za a ba n! ma'ana idan n ba cikakkiyar lamba ba ce. Euler ya rubuta shi da logaridim, daga baya Adrien-Marie Legendre ya sa masa alamar Γ da ake amfani da ita yau.

Shi kansa jadawalin aikin malaman aji ne na ƙarni na 20, ba sabon lissafi ba. Karl W. Folley ya yi ɗan gajeren rubutu a kansa a American Mathematical Monthly a 1947. Jadawalin ya shiga idon jama'a a 1988 ta fim ɗin Stand and Deliver, wanda ke ba da labarin Jaime Escalante, malamin lissafi ɗan asalin Bolibiya da ya koyar a makarantar sakandare ta Garfield a gabashin Los Angeles. A fim ɗin an nuna shi yana jan jadawalin a allo. Bayan shekara biyu, a 1990, David Horowitz ya buga maƙala a College Mathematics Journal inda ya nuna cewa tsarin ya wuce dabarar cin jarrabawa, har ana iya fitar da ƙa'idar Taylor da ragowarta da shi.

Hanyar tana da iyaka, kuma daga shafuka biyun ake gane ta. Idan ln x ne a hagu, ba zai taɓa kaiwa sifili ba, saboda haka ana tsayawa a layi na biyu a yi intigireshan na ninkin miƙe. Ga e^x sin x ma babu sifili, amma a layi na uku intigireshan ɗin farko yana dawowa da alamar debewa, sai a mai da shi ɗaya gefen a raba da 2. Idan kuwa e^(x²) ne a dama, jadawalin ba ya ma tashi, domin ba a iya rubuta intigireshan ɗinsa da lissafin da aka saba. A ∫ x³ e^(x²) dx sai an fara da musanya t = x², wanda zai mai da shi ½∫ t e^t dt, sannan jadawali mai layi uku ya ba da ½e^(x²)(x² − 1) + C.